Yadda ake rage wa mutum shekaru a hoto, ko ƙara masa, ba tare da fuskar ta koma ta 'yar tsana ba

Na daɗe ina gyaran hoto a wani ɗan shago a Garwa, kuma aikin da aka fi kawo mini gab da bukukuwa shi ne hoton uba ko uwa da za a sa a kalandar biki, a ce mini: "Malam, a ɗan rage masa tsufa." Hoton farko da na yi wa wannan aiki na gwaggona ne. Na share duk wani layi da ke fuskarta, har da tsagar gado da ke kumatunta, na kai mata ina murna. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗana, wannan 'yar wa ce?" Maganar ta zauna mini a rai, kuma daga ita na fara gane cewa shekarun mutum sun fi zama a cikin inuwa da saukar naman fuska fiye da a cikin layukan fata. Saboda haka duk abin da zan nuna maka a nan ragewa ne, ba sharewa ba.

Zan bi da kai ta aiki guda: hoton wani Alhaji mai shekara 62 da ɗansa ya kawo don kalandar auren ƙanwarsa. An ɗauka da waya, haske na shigowa ta taga daga hagu, fuskar daga goshi zuwa haɓa ta kai kusan fiksel 1100. Burinmu ya koma kamar ɗan 50.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Photoshop. Ko tsohon CS6 ne zai yi. Yawancin kwamfutocinmu a nan da Faransanci suke, don haka zan riƙa faɗin sunan abu da Turanci, in bi shi da na Faransanci inda ya kamata. Idan ba ka da Photoshop, GIMP kyauta ne, kuma tun daga 2.10 yana da `Warp Transform` wanda ke tura nama kamar yadda za mu yi, yana da `Heal` kuma. Allon zane mai alƙalami yana sauƙaƙa aikin ƙwarai, amma na yi shekaru da linzamin kwamfuta kawai, sai dai a rage ƙarfin buroshi a ƙara haƙuri.

Sai hoton kansa. Ka nemi na asali. Idan an turo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, ramukan fata su narke, kuma ba abin da za ka gina a kai. Ka ce a turo shi a matsayin `Document`. Idan fuskar ba ta kai fiksel 800 daga goshi zuwa haɓa ba, ka gaya wa mai hoton tun farko cewa gyara kaɗan ne zai yiwu.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne amfani: tsohon hoton mutumin na lokacin da yake shekarun da ake so. Ko na tsohon katin shaida ne. Ɗan Alhaji ya kawo mini wani na wajen shekara 45, ya koɗe, amma ya nuna mini inda muƙamuƙinsa yake a da. Idan babu, ka nemi na ƙaninsa ko babban ɗansa da suke kama.

1. Ka karanta fuskar kafin ka taɓa ta

Ka buɗe hotunan biyu gefe da gefe, ka ɗauki minti biyar kana kallo kawai. Abin da tsufa ke yi sananne ne. Kitsen da ke saman kumatu yana raguwa yana sauka ƙasa, sai ƙarƙashin ido ya faɗa, layin da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki ya yi zurfi. Naman da ya sauko yana taruwa a gefen haɓa ya ɓata miƙewar muƙamuƙi. Gefen goshi, tsakanin ido da kunne, yana lotsawa. Leɓe na sirancewa, fatar ido ta sama na rufowa. A baƙar fata tamoji ba ya saurin fitowa kamar a farar fata, abin da ya fi nuna shekarunmu shi ne wannan saukar kumatu da kuma rashin daidaiton launi, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske.

Sannan ka lura da abin da ba ya canzawa, domin shi ne mutumin: tazarar da ke tsakanin idanu, siffar hanci, faɗin baki, tsaga ko bille, tawadar Allah, da tabon sallah a goshi. Alhaji yana da bille guda a kuncin hagu da tabon sallah mai duhu. Waɗannan ba na kusantarsu. Haka kuma idonsa na dama ya ɗan fi na hagu ƙanƙanta. Kowa yana da irin wannan bambanci, kuma ranar da ka daidaita ɓangarorin biyu suka zama sak, ranar fuskar za ta daina zama ta ɗan Adam.

Ka yanke shawarar shekara nawa za ka cire. A gwajina, 10 zuwa 15 ita ce iyaka. Fiye da haka, wuya da kunne da idanu za su ƙaryata ka.

2. Shirya leyoyi

Leya, wadda mu nan muke kira kalk, kamar farin gilashi ce da ake ɗorawa a kan hoto a yi aiki a kanta. Kada ka taɓa ta ƙasa. Danna `Ctrl+J` ka kwafe ta, ka sa wa kwafin suna. Kowane mataki da leyarsa, domin daga baya za ka so rage ƙarfin ɗaya ba tare da ka rushe sauran ba. Ka adana aikin a matsayin `PSD` yanzu, ka kuma saba da `Ctrl+S` bayan kowane mataki, domin wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

3. Muƙamuƙi da kumatu

Siffa ake fara gyarawa, fata daga baya. Idan ka fara da fata sannan ka tura nama, duk aikin da ka yi zai miƙe ya karkace.

A kan kwafin, danna `Ctrl+Shift+X` don buɗe `Liquify`, wato `Fluidité`. Kafin komai, ɗauki `Freeze Mask` da harafin `F` ka shafe idanu, hanci, baki, billen, da bakin hula da wuyan riga. Wurin zai yi ja, alamar an kulle shi. Wannan yana da muhimmanci musamman ga masu hula mai aiki ko babbar riga, domin zaren aikin yana tona asiri nan take idan ya lanƙwashe. Idan akwai ƙofa ko layin bango a bayan mutumin kusa da kuncinsa, shi ma ka kulle.

Yanzu ɗauki `Forward Warp` da harafin `W`. Ga abin da na sa wa hoton Alhaji:

```
Size: 350
Density: 50
Pressure: 12
```

Babban buroshi da ƙaramin ƙarfi, wannan ita ce ƙa'idar. Faɗin buroshin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon fuskar. Masu koyo sukan ɗauki ƙarami don su yi a hankali, sai layin muƙamuƙin ya fito da tudu da kwari kamar hanyar da ruwa ya ci. Ƙaramin buroshi yana tsinke nama, babba yana ɗaga shi gaba ɗaya kamar yadda tafin hannu zai yi.

Ka sa tsakiyar buroshin a kan naman da ya sauko a gefen haɓa, ka tura shi sama zuwa wajen kunne, ba ciki zuwa wajen baki ba. Ka tsaya gaban madubi ka ɗora yatsu biyu a kuncinka ka ja zuwa kunne, wannan hanyar ce. Turi uku ko huɗu gajeru a kowane gefe. A hoton Alhaji naman bai motsa fiye da fiksel 12 zuwa 15 ba, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon fuskar, amma da na kunna leyar na kashe, bambancin a fili yake. Kada ka miƙar da layin sarai. Ɗan shekara 50 yana da ɗan saura, ka bar masa rabin abin da ka tarar.

Kumatu kuma, ka sa buroshin ƙasa da ƙashin kunci ka ɗaga sama da ɗan waje, sau biyu. Ka guji `Bloat`, wanda ke kumbura wuri, domin yana buɗa ramukan fata su yi girma a tsakiya, kuncin ya zama kamar na mai ciwon haƙori. Cikar kumatu da haske za mu yi ta a mataki na gaba.

Photoshop daga CC 2015.5 yana da `Face-Aware Liquify`, mai sandunan ja irin su `Jawline` da `Face Width`. Suna da sauri, amma suna matse ɓangarorin biyu daidai wa daida, kuma sirantar da fuska ba ƙuruciya ba ce, rama ce. Idan za ka taɓa `Jawline`, kada ka wuce 10. Girman ido kuwa kada ka taɓa ko kaɗan. Idan ka yi kuskure a wani wuri, `Reconstruct` da harafin `R` zai mayar da wurin kaɗai.

4. Haske da inuwa

A nan rabin shekarun suke fita, kuma a nan za ka fi daɗewa. Layin da ke gefen hanci ba zane ba ne a kan fata, kwari ne, kuma idonmu yana ganinsa ne saboda gefe ɗaya ya yi duhu ɗayan ya yi haske. Idan ka ɗan haskaka duhun ka ɗan dusashe hasken, kwarin zai cike da kansa, fatar kuma tana nan da ramukanta ba a taɓa ba.

Danna `Ctrl+Shift+N`. A akwatin da ya fito, zaɓi `Soft Light`, wato `Lumière tamisée`, ka sa alama a layin ƙasa da ke cewa a cika ta da toka-toka kashi 50. Leyar ba za ta nuna komai ba sai ka yi fenti a kanta: fari yana haskakawa, baƙi yana duhuntawa. Ɗauki buroshi mai laushin baki, ka saita shi haka:

```
Hardness: 0%
Opacity: 100%
Flow: 2%
```

Harafin `D` yana ba ka baƙi da fari, `X` yana musanya su. Idan madannanka na Faransanci ne, maɓallan da littattafai ke cewa a canza girman buroshi da su ba sa inda ake tsammani. Ka riƙe `Alt` da maɓallin dama na linzami ka ja hagu ko dama, girman zai canza.

Wata dabara da ke taimaka mini: ina ɗora leyar `Black & White` a can sama na ɗan lokaci, in ja sandar ja zuwa ƙasa. Launi ya tafi, duk wani tabo da inuwa su fito ɓaro-ɓaro. Idan na gama in goge ta.

Fara da ƙarƙashin ido. Akwai duhu mai siffar jinjirin wata da ya taso daga kusurwar ido ta ciki ya gangaro. Da farin buroshi mai faɗin duhun, ka bi shi a hankali, shafa biyar, shida, ka tsaya ka duba. Ka rage shi da rabi. Idan ka cire shi duka, ido zai zama kamar an manna shi a kan allo, domin ko jariri yana da 'yar inuwa a nan. Daga nan ka bi layin gefen hanci, sannan wanda ya sauka daga gefen baki zuwa haɓa, sannan lotsawar gefen goshi. Kowanne rabi. Layin gefen hanci shi ne murmushin mutum, shi ne na share wa gwaggona ta rasa kanta a hoton.

Sai ka ƙara girman buroshin zuwa wajen 200, ka ɗora haske mai taushi a saman ƙashin kunci, wurin da ke ɗagowa idan mutum ya yi dariya. A nan ka tuna ta ina haske ke shigowa. A hoton Alhaji daga hagu ne, don haka kuncin hagu ya sami shafa takwas, na dama uku kacal. Idan ka haskaka su daidai, fuskar za ta yi kamar tana da fitila a cikinta. Daga ƙarshe, da baƙi, ka ja siririyar inuwa a ƙarƙashin layin muƙamuƙi, a kan wuya, don layin ya fito.

Ga matsalar da ta shafi fatarmu: idan ka haskaka wuri mai duhu sosai, yakan koma toka-toka, kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba lokacin hunturu. Maganinta, buɗe sabuwar leya, mayar da ita `Color`, wato `Couleur`, riƙe `Alt` ka ɗauko launi daga lafiyayyar fata da ke kusa, ka shafa a wurin da `Flow` 5. Kuma kada ka bari hasken ya taru har mutum ya fi yadda Allah ya yi shi fari. Ka riƙa gwada launin kunci da na kunne da na hannu.

5. Ƙananan layuka

Sai yanzu muka zo kan tamoji. Buɗe leya marar komai, ɗauki `Healing Brush`, wato `Correcteur`, ka saita `Sample` zuwa `Current & Below`. Buroshin ya ɗan fi layin kauri kaɗan, a nan fiksel 15 zuwa 20. Riƙe `Alt` ka ɗauko fata daga dab da layin, ka bi shi gutsure-gutsure, kana sake ɗaukowa kowane lokaci. Fatar goshi daban take da ta kunci, ta ƙarƙashin ido kuma ta fi kowacce laushi, don haka kada ka ɗauko daga nesa. Idan ka yi ta ɗaukowa daga wuri ɗaya, za ka ga ƙwayar fata iri ɗaya tana maimaituwa kamar zanen atamfa.

A wannan leyar ka share layukan gaba ɗaya, kada ka ji tsoro. Idan ka gama, sai ka sauke `Opacity` ɗinta zuwa tsakanin 40 da 55. Layukan za su dawo, amma marasa zurfi, a daidai inda suke tun asali. Na Alhaji na tsaya a 45. Akwai kuma abin da na lura da shi: layi yana ƙara tsawo da shekaru. Saboda haka a wata leyar dabam nakan share wutsiyar layin kaɗai, kashi ɗaya cikin uku na ƙarshensa, in bar ta a 100. Wannan ya fi aiki a layukan gefen ido da na goshi.

Abin da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne `Gaussian Blur` a kan fata. Shi ke haifar da fuskar roba da muke gani a fastocin biki.

6. Wuya, gemu da ido

Fuskar ɗan 50 a kan wuyan ɗan 62 ita ce ta fi saurin tona aiki. Ka koma leyar toka-toka ka rage inuwar jijiyoyin wuya da rabi, haka bayan hannu idan ya fito. Furfurar gemu kuma, a tambayi mai hoton tukuna, domin dattawa da yawa ba sa son a taɓa ta. Alhaji ya aiko cewa a bar masa abarsa, sai na ɗan rage haskenta a saje kawai da leyar `Multiply` a kashi 20. Idan ka mayar da gemu baƙi ƙirin, zai zama kamar an shafa shuni. Farin ido kada ya wuce yadda yake, ɗan rage ja ya isa.

7. Gwaji

Ka ƙanƙantar da hoton ya koma kamar girman na katin shaida. Idan akwai abin da ya karkace, a nan zai fito, ba a kusa ba. Sannan ka juya shi hagu zuwa dama da `Flip Canvas Horizontal`, idonka zai gan shi sabo, ka mayar. Ka matso kashi 100 ka duba ko akwai wurin da ya fi kewayensa santsi. Idan akwai, yi sabuwar leyar toka-toka a `Soft Light`, sa mata `Add Noise` kashi 2, `Gaussian` da `Monochromatic`, ka bar ta a wannan wurin kaɗai.

Daga nan ka tattara leyoyin gyaran duka cikin rukuni da `Ctrl+G`, ban da ta `Liquify`, ita ka bar ta a waje, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo. Kusan kullum idan na dawo nakan sauke `Opacity` na rukunin zuwa 80. Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ya san mutumin. Na nuna wa ɗan Alhaji ba tare da na ce komai ba, ya ce, "Baba ya huta a nan." Amsar da nake nema ke nan. Da ya ce "Kai, an gyara Baba," da na koma na rage.

Kuma kada a yi wannan aiki a hoton katin shaida ko fasfo, kada kuma a yi wa wanda bai sani ba.

Idan tsufa ake so a ƙara

Masu wasan kwaikwayo sukan zo da wannan don fasta. Matakan su ne dai, a juye. A `Liquify` ka tura naman gefen haɓa ƙasa da ɗan waje, ka sauke wutsiyar gira da gefen baki kaɗan, ka ɗan ja leɓatun kunne ƙasa, ka sirantar da leɓen sama. A leyar toka-toka ka duhunta ƙarƙashin ido, ƙarƙashin ƙashin kunci da gefen goshi.

Wurin da ake faɗuwa shi ne zana tamoji. Baƙin layi shi kaɗai kamar zanen biro yake fitowa. Kowane layi sai da abokinsa: siririn duhu, da siririn haske manne da shi. Da yake kwari ne, bangon da ke nesa da fitila shi ke samun haske, don haka idan haske daga sama yake, duhun na sama, hasken na ƙasansa. Layin ya yi kauri a tsakiya ya sirance a bakinsa biyu, kuma kada na hagu ya zama kwafin na dama. Kada ka ƙirƙiro wurin da za su bi. Ka sa a ɗauki mutumin hoto na biyu a wuri ɗaya da haske ɗaya, ya ɗaga gira, ya tsuke ido, ya yi dariya sosai. Layukan da suka fito a nan su ne waɗanda zai yi idan Allah ya ba shi tsawon rai. Ka ɗora wannan hoton a kan na farko, ka daidaita idanu, ka rufe shi da baƙin `Layer Mask`, wato mayafin da ke ɓoye leya, sannan da farin buroshi a `Flow` 5 ka buɗe goshi da gefen ido kaɗai.